Naira 800,000 da ba ta taɓa shiga banki ba: yadda kasafin ginin ajujuwa biyu ya rikice

A watan Yuli aka kira ni wani ƙauye domin in duba littattafan ƙungiyar cigaban gari. Ƙungiyar ta samu tallafin wata gidauniya don gina ajujuwa biyu a makarantar firamare, gini ya kai linta, sai gidauniyar ta ƙi sakin zubi na biyu. Dalilinta a taƙaice: rahoton da aka aika mata ya ce akwai ragowar naira 1,420,000, ita kuwa takardar bayanin asusu daga banki ta nuna naira 620,000.

Kafin in iso magana ta riga ta zaga gari cewa ma'aji ya ci kuɗi. Dattijo ne mai shagon hatsi, na same shi a zaurensa da jakar leda cike da rasidai, ya zube ta gabana.

"Malam akanta, ga su nan duka. Wallahi ko sisi ban taɓa ba, amma ni ma na kasa gane inda dubu ɗari takwas ta shiga."

Na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Bari mu fara ganin ko ta taɓa zuwa ma tukuna."

Ba ta taɓa zuwa ba. Amma kafin a gane haka sai an koma ranar da aka rubuta kasafin.

Sharaɗin gidauniyar shi ne za ta biya kashi 80 cikin 100 na kuɗin aikin gaba ɗaya, kuma ba za ta wuce naira miliyan 16 ba. Sauran kashi 20 na mai nema ne, ko da tsabar kuɗi ko da kaya da ƙarfi. Irin wannan sharaɗi ba baƙo ba ne a wajenmu. A shirin raya al'umma na CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa a Najeriya, al'umma ce ta riƙa kawo kashi 10 na kuɗin aikin da ta zaɓa. A matakin gwamnati ma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauki na UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya. Wanda zai ba ka kuɗi yana son ya ga hannunka a ciki.

Tuntuɓen farko a lissafin kason aka yi shi. Sakataren ƙungiya ya ɗauki kashi 20 na miliyan 16, ya samu miliyan 3.2. Gidauniyar ta dawo da takardar, domin kashi 20 na jimillar aiki take nufi, ba na tallafin ba. Idan miliyan 16 ita ce kashi 80, to aikin na miliyan 20 ne, kason gari kuwa miliyan 4. Don su cike giɓin sai suka saka filin makarantar, suka yi masa kuɗi miliyan 3. Nan ma aka ce a cire, tunda fili na makarantar ne tun fil azal, ba wani abu ne da aka bayar saboda wannan aiki ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan yashi, leburanci, ruwa da benci.

Abin da aka amince da shi, idan aka shimfiɗa shi yadda ya kamata tun farko, ga shi (farashin na lokacin da aka rubuta kasafin ne):

| Abin da za a yi | Jimilla | Kuɗin gidauniya | Tsabar kuɗin gari | Kaya da ƙarfi |
|---|---|---|---|---|
| Siminti, buhu 400 | 4,000,000 | 4,000,000 | | |
| Bulo 3,000 | 2,400,000 | 2,400,000 | | |
| Rodi, katako, kwano | 5,200,000 | 5,200,000 | | |
| Ƙofofi, tagogi, fenti | 1,600,000 | 1,600,000 | | |
| Birkiloli da kafintoci | 2,800,000 | 2,800,000 | | |
| Benci 40 | 1,200,000 | | 1,200,000 | |
| Yashi, tifa 20 | 1,200,000 | | | 1,200,000 |
| Leburanci | 1,280,000 | | | 1,280,000 |
| Ruwa | 320,000 | | | 320,000 |
| Duka | 20,000,000 | 16,000,000 | 1,200,000 | 2,800,000 |

Sai dai ba haka suka rubuta shi ba. Nasu gurbi ɗaya ne rak: a sama an jera abubuwan da kuɗinsu har miliyan 20, a ƙasa an rubuta layi biyu, gidauniya miliyan 16, gudummawar al'umma miliyan 4. Duk wanda ya kalli wannan takarda zai ɗauka akwai miliyan 20 da za a kashe. Shugaban ƙungiya ma haka ya sanar a taron gari, aka yi ta kabbara. Alhali kuɗin da zai taɓa ratsawa ta banki miliyan 17.2 ne kawai, shi ma idan kowa ya cika alkawari. Kuɗin benci kuwa biyu aka raba shi: ƙungiya ta tara 400,000 ta zuba a asusu, ƙaramar hukuma ta yi alkawarin 800,000 da baki, a gaban jama'a, ranar aza tubali.

A watan Afrilu gidauniyar ta saki zubin farko, miliyan 8. Ma'aji ya buɗe littafi, a shafin shigowa ya rubuta miliyan 8, ƙarƙashinta ya rubuta miliyan 4 ta al'umma dungurungum, kamar a ranar aka ƙirga masa ita a hannu. Daga nan komai ya fara karkata.

Aiki ya tafi lafiya kwana 25. Kowace unguwa tana turo matasa bi da bi, mutum takwas a rana, suna haƙa, suna kwaɓa, suna miƙa bulo. Aikin gayya ne sosai, har mata suna aiko da kunu. Sai ruwan shuka ya sauka. Ranar da aka wayi gari ƙasa ta jiƙa, ko mutum ɗaya bai leƙo wajen gini ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu: gayya ba ta gasa da gona. Birkila ya ce shi ba zai zauna jira ba, yana da wani aiki a birni. Kwamiti ya ɗauko leburori takwas na kuɗi, naira 4,000 a rana, suka yi kwana 15. Wannan 480,000 ke nan, kuma a kasafi layin leburanci ba shi da ko kwabo na tsabar kuɗi. Daga kuɗin gidauniya aka zara.

Na yashi ya fi wannan ɓuya. Yashin a rafin gari yake, kyauta ne. Wani ɗan gari mai tifa ya ba da motarsa da direba kyauta. Abin da ba wanda ya tambaya a lokacin rubuta kasafi shi ne wa zai zuba mai. Da aka zo ɗauka mai mota ya ce shi mota ya yi alkawari, ba gas ba, kuma gaskiyarsa ce. Kowane sawu ya ci 20,000, sawu 20 ya zama 400,000. Ita ma daga kuɗin gidauniya. Na sha ganin wannan a ayyuka daban-daban: kyauta ba ta zuwa tsirara, tana jan wani kuɗi a wutsiyarta. An ba ka zauren taro amma kai za ka sayi man janareto. An ba ka masu aikin sa kai amma abincin rana da kuɗin mota a kanka. Idan ba a zare wannan wutsiya an kai ta gurbin tsabar kuɗi tun a takarda ba, rana ɗaya za ta ciji wani layin.

To ga yadda rahoton ma'aji ya fito. Shigowa, miliyan 12. Fita: miliyan 6.9 a kan siminti, bulo, rodi da masu sana'a, sai miliyan 2.8 ta yashi da leburanci da ruwa da ya kwafo daga kasafi yadda take, sai 880,000 da ya sa wa suna "sauran abubuwa". Jimillar fita miliyan 10.58, ragowa miliyan 1.42. Lissafin tarawa da ɗebewa bai yi kuskure ba ko na naira ɗaya. Kuskuren a cikin abin da aka tara yake.

Abu na farko da na yi shi ne na ajiye littafinsa gefe, na ɗauki takardar banki kaɗai. Abin da ya shigo da gaske: miliyan 8 ta gidauniya da 400,000 ta ƙungiya, miliyan 8.4. Abin da ya fita: miliyan 7.78. Ragowa 620,000, daidai da abin da banki ya nuna. Bambancin 800,000 kuwa alkawarin ƙaramar hukuma ne, wanda aka rubuta a matsayin kuɗin da ya shigo alhali har ranar ko takarda ba a samu ba. Na juya littafin na nuna wa Alhaji layin da yatsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ashe maganar ciyaman na ƙirga."

Wannan ya wanke shi daga zargin sata, kuma cikin rabin awa aka gano shi, domin irin kuskuren da banki ke tonawa ne. Na biyun shi ne mai haɗari, don banki ba ya ganinsa. Gudummawar kaya da ƙarfi tana shiga littafi ta ɓangaren shigowa, ta fita ta ɓangaren kashewa da adadi ɗaya, saboda haka ko an kumbura ta ragowar kuɗi ba ta motsi. Ma'aji ya rubuta leburanci na gayya 1,280,000 cif, wato mutum takwas kwana 40, sannan ya sake rubuta 480,000 da aka biya leburorin kuɗi. Kwana 15 sun fito sau biyu, sau ɗaya a matsayin kyauta, sau ɗaya a matsayin biya. Haka yashi: an ce gari ya ba da na 1,200,000, alhali 400,000 daga ciki gidauniya ce ta biya ba da saninta ba. A idon mai binciken kuɗi wannan ya fi ɓatan lissafi muni, domin ka ɗauki kuɗin mutum ka sayi abu, ka dawo ka ce masa kyautarka ce.

Hanyar gano shi ita ce a bi kuɗin kowane mai kuɗi shi kaɗai. Gidauniya ta ba da miliyan 8, an kashe miliyan 6.9 a kan layukanta, ya kamata a samu miliyan 1.1 tata. Ƙungiya ta zuba 400,000 kuma ba a sayi benci ba tukuna. Ke nan miliyan 1.5 ya kamata a gani a banki. Akwai 620,000. Ramin 880,000 ne, kuma shi ne "sauran abubuwa". Duk inda na ga layi mai irin wannan suna da adadi mai kauri, nan nake fara tona.

Sa'ar da aka yi ita ce akwai wani malamin makarantar da ya ɗauki littafin aji yana rubuta sunan duk wanda ya zo gayya, kowa ya dangwala yatsa. Ba wanda ya sa shi, tsoron kada wata unguwa ta ce ta fi wata aiki ne ya sa. Littafin nan ya ceci ƙungiyar. Ya nuna zuwa 200, wato takwas sau 25, kuma a naira 4,000 ya zama 800,000. Ruwa ma mai unguwa yana da lissafin kura 160 da 'yan garuwa suka kawo, kowace 2,000. Yashi kuwa sai da muka bi mai tifa ya sa hannu a takardar cewa ya ba da mota da direba sawu 20, muka kuma karɓo farashin tifar yashi daga masu sayarwa uku a garin da ke kusa, domin a nuna 60,000 ba daga ka aka tsinko ta ba. Aka cire kuɗin mai, ya rage 40,000 a kowane sawu, 800,000 ke nan. Gudummawar kaya da ƙarfi ta gaskiya ta tsaya a 1,920,000, ba 2,800,000 ba.

An ɗan yi ja-in-ja a kan farashin ƙarfi. Cikin masu gayya akwai wani injiniya ɗan gari da ya zo hutu ya yi kwana uku yana ɗaukar bulo, sakatare ya so a rubuta masa kuɗin injiniya don a rage giɓi. Na ƙi. Aikin ake yi wa kuɗi, ba mai yin sa ba: injiniyan da ya ɗauki bulo lebura ne a wannan rana. Da zanen gini ya yi ko ya duba ƙarfin rodi, sai a rubuta masa farashin wannan aiki. Dokar tallafin gwamnatin Amurka, a sashen 2 CFR 200.306, a kan wannan turba take: aikin sa kai ana kimanta shi da abin da ake biya a irin wannan aiki, gudummawar ta zama ana iya tabbatar da ita daga rubuce-rubucen mai karɓar tallafi, kuma kada a ƙirga ta a wani tallafin na gwamnatin. Tarayyar Turai kuwa a yawancin tallafinta na ƙasashen waje ba ta ɗaukar gudummawar kaya a matsayin kuɗin da aka kashe. Don haka kafin a sa wa ko tifa ɗaya farashi, sai a karanta yarjejeniyar da ke hannu a ga abin da ta yarda da shi.

Daren da muka zauna da kwamiti a ƙofar gidan dagaci, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a haƙura da benci. A mayar wa gidauniya 880,000 ɗinta, a sayi benci 13 da 400,000 da ke hannu, sauran yara su zauna a tabarma har Allah ya kawo ciyaman. A ido shawara ce mai sauƙi, ta rage wa gari neman 800,000.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi lissafinta a fili kafin a yanke."

Gidauniya ba miliyan 16 ta yi alkawari ba, kashi 80 na abin da aka kashe ta yi alkawari, miliyan 16 iyaka ce kawai. Idan aka yar da benci na 800,000, jimillar aiki ta sauko miliyan 19.2, kashi 80 ɗinta kuwa miliyan 15.36. Gidauniya za ta zaftare 640,000 daga zubin ƙarshe, alhali siminti da kwano ba su rage farashi ba. Gari zai nemo 880,000 da 640,000, wato 1,520,000, ya tashi da benci 13. Idan kuwa aka sayi benci 40 cif, abin nema 880,000 ne da 800,000, wato 1,680,000, gidauniya ta biya nata duka. Bambancin hanyoyin biyu 160,000 ne, a kan benci 27. Dagaci ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ce a saya.

Kafin a nemi ko naira sai da muka sake kasafin. Kowane layi ya samu gurbi huɗu kamar yadda na nuna a sama, yashi ya rabu layi biyu, leburanci ma haka: ɓangaren kyauta a gurbinsa, ɓangaren biya a gurbin tsabar kuɗin gari. Kason gari bai canza ba, miliyan 4 ne har yanzu, cikinsa ne ya juya: kaya da ƙarfi 1,920,000, tsabar kuɗi 2,080,000. A kwamfutar sakatare na ƙara gurbin bincike a ƙarshen kowane layi, wanda dole ya nuna sifili, da wani a ƙasa mai nuna kason gari, inda B, C, D da E su ne gurabe huɗun nan bi da bi:

```
=B2-(C2+D2+E2)
=(D13+E13)/B13
```

Na kuma raba littafin ma'aji gida biyu. Littafin kuɗi ba abin da zai shiga cikinsa sai wanda ya ratsa ta banki ko ta hannunsa, kuma kowane fita sai an rubuta kuɗin wa aka taɓa. Littafin gudummawa daban, ana rubuta abu ranar da ya iso wajen gini, ba ranar da aka yi alkawarinsa ba, da sa hannun mai bayarwa da na mai karɓa. Alkawuran da ba su iso ba na ba su shafin baya na wannan littafi, ba sa shiga kowace jimilla. A ra'ayina ma alkawarin hukuma da ba a rubuce yake ba bai cancanci shiga kasafi ba tun farko, ko da a bainar jama'a aka yi shi. A rubuce ɗin ma, gara a ɗora shi a kan abin da aiki zai iya jira, ba a kan harsashi ba. A nan kam sun dace da suka ɗora shi a kan benci.

Sannan aka rubuta wa gidauniya wasiƙa aka faɗi abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye: an taɓa kuɗinta a kan layin da ba nata ba, ga adadin, ga dalilin, ga sabon kasafi, ana neman amincewa. Wasu 'yan kwamiti sun so a cike ramin a ɓoye a aika sabon rahoto kamar ba a yi komai ba. Ban yarda ba, domin takardar banki tana ɗauke da kwanan wata, duk mai bincike zai ga ranar da kuɗin suka fita da ranar da suka dawo. Gidauniyar ta amince, da sharaɗin sai ta ga 880,000 ta koma asusu kafin ta saki zubi na biyu.

Tara kuɗin ya ɗauki mako bakwai, gini yana tsaye damina na dukansa. 'Yan gari mazauna Kano da Legas suka ɗauki mafi yawa, 'yan kasuwar hatsi suka cike sauran, Alhaji ma'aji da kansa ya ba da buhun gero biyu. Ya zo zai rubuta su a littafin gudummawa, na riƙe masa biro. Gero ba ya cikin kayan gini, kuma ramin na tsabar kuɗi ne. Ranar kasuwa aka sayar da shi, aka kai kuɗin banki, sannan ya rubuta su a littafin kuɗi da lambar takardar zubi a gefe.